Kuɗina Fa? Yadda Shagon Intanet Ke Tantance Buƙatun Mayar da Kuɗi da Suka Maƙale

Duk shagon da ke sayar da kaya ta intanet yana da wani layi da kwastoma ba ya gani. Layi ne na mutanen da suka biya kuɗi, ciniki bai yi daɗi ba, suka ce a mayar musu da abinsu, kuma har yanzu ba a ce musu e ko a'a ba. A manyan shaguna irin su Jumia da Konga, waɗanda suka fara aiki a Legas a 2012, akwai sashe guda da ke kula da wannan layi. A ƙaramin shagon da ke tallata atamfa da takalma ta Instagram da WhatsApp kuwa, sau da yawa layin yana warwatse ne cikin hirarrakin waya, mai shagon na ɗauke da rabinsa a ka.

Abin da ke sa buƙata ta maƙale ba kasafai yake zama mugunta ba. Galibi akwai wata hujja guda da ba ta iso ba, kuma kowane ɓangare yana zaton ɗaya ɓangaren ake jira. Kwastoma na jiran alat, shago na jiran hoto, ɗan aike ya riga ya manta da maganar. Shi ya sa masu wannan aiki ke yi wa kowace buƙata tambayoyi biyu: kwana nawa ta yi, kuma me ya rage a kawo? Tambayoyin suna da sauƙin faɗa, amma kowacce tana da inda take yaudarar mutum.

Kwana nawa, kuma daga yaushe?

Farkon abin da ake tsayarwa shi ne ranar da za a fara ƙirga. Buƙata guda tana da ranaku aƙalla huɗu: ranar da aka biya, ranar da kaya suka isa hannun mai saye, ranar da ya kawo koke, da ranar ƙarshe da wani ya yi wani abu a kan maganar. Tsakanin isar kaya da kawo koke ake duba ko mutum ya yi magana cikin wa'adin da shago ya ɗiba, wanda a shaguna da yawa na Nijeriya kwana 7 ne. Daga ranar koke zuwa yau ake samun shekarun buƙatar, wato tsawon jiran da kwastoma ya yi. Daga ranar motsi na ƙarshe zuwa yau kuma ake gane ko maganar na tafiya ko ta kwanta.

Wannan na ƙarshen ne aka fi mantawa da shi. Buƙatar da ta yi kwana 15 amma jiya aka karɓi kayan a sito, tana kan hanya. Wadda ta yi kwana 9 kuma tun ranar farko babu wanda ya sake buɗe ta, ita ce abin damuwa.

Ba sai da manhaja mai tsada ake wannan lissafi ba. Jadawalin Excel ko Google Sheets ya isa. Idan an rubuta ranar koke a gidan B2, ranar motsi na ƙarshe a gidan C2, waɗannan layuka suna fitar da amsa kowace safiya:

```
=TODAY()-B2
=TODAY()-C2
=NETWORKDAYS(B2,TODAY())
```

Na farko yana ba da kwanakin jira gaba ɗaya, na biyu kwanakin shiru, na uku kuma ranakun aiki kaɗai, ban da Asabar da Lahadi. Na ukun yana ƙirga ranar farko da ta ƙarshe duka, kuma bai san hutun Sallah ba sai an jera masa ranakun hutu. Bambancin yana da amfani domin bankuna da kamfanonin biyan kuɗi kan yi alkawarinsu da ranakun aiki, alhali kwastoma da ranakun kalanda yake ƙirga. Koken da aka kawo ranar Alhamis 2 ga wata, idan aka duba shi Litinin 20 ga wata, ya yi kwana 18 a idon mai kuɗi, amma 13 ne a lissafin ofis. Rigima da yawa daga wannan giɓin take tasowa, don haka shagon da ya ce "kwana bakwai" ya kamata ya faɗi irin kwanakin da yake nufi.

Wa'adin da ba shago ne ya sa ba

Mai shago yana iya zaton dokarsa ce kaɗai ke aiki, amma akwai wasu wa'adodi da ke tafiya ko ya sani ko bai sani ba. A Nijeriya, dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda aka sa wa hannu a farkon 2019 kuma ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da ke da aibi cikin wata uku da karɓarsu, ba tare da tara ba, kuma ɗawainiyar mayarwar na kan mai sayarwa. Shi kuma sai ya gyara, ko ya canza, ko ya mayar da kuɗi. Ke nan rubuta "ba a dawo da kaya bayan an saya" a shafin shago ba ya kashe haƙƙin wanda aka sayar wa wayar da ba ta caji. Wannan ba baƙon abu ba ne ga ɗan kasuwar da ya karanta fiƙihu, domin babin ciniki ya daɗe da ba mai saye zaɓin mayar da hajar da aka samu da aibin da bai sani ba lokacin saye.

Wa'adi na biyu na banki ne. Tun watan Yuni na 2020 Babban Bankin Nijeriya ya umarci bankuna su warware matsalar kuɗin da aka cire ta na'urar POS ko ta intanet ba tare da ciniki ya kammala ba cikin awa 72. Na uku kuma na kamfanonin kati ne. Wanda ya biya da kati yana iya zuwa bankinsa ya ƙalubalanci cinikin, kuma a tsarin Visa yawancin irin wannan ƙorafi yana da damar kwana 120. Idan ya shigar, ana ba shagon 'yan kwanaki ya kawo hujjarsa, in bai kawo ba a cire kuɗin daga wurinsa.

Wanda ke sayar wa masu saye a ƙasashen Tarayyar Turai kuma ya shiga wata doka daban. A can mai saye ta intanet yana da kwana 14 da zai fasa yawancin ciniki ba tare da ya faɗi dalili ba, shagon kuma yana da kwana 14 ya mayar da kuɗi, sai dai yana iya riƙewa har kayan su dawo ko a nuna masa shaidar an aiko su.

Saboda waɗannan wa'adodi, tsohuwar buƙata ba lallai ba ne ta zama wadda za a fara dubawa. Wani lokaci ta kwana uku ta fi ta kwana ashirin gaggawa.

Safiyar Litinin a wani shago

A ɗauki misalin wani shago a Kano mai sayar da tufafi, takalma da wayoyi ta intanet, yana aika kaya ta tasha da kuma ta kamfanin aike. Misali ne kawai, amma irin abubuwan da ke cikinsa kullum suna faruwa. Ranar Litinin 20 ga wata, ma'aikaciyar da ke kula da koke ta buɗe jadawali ta tarar da buƙatu huɗu a buɗe.

Ta farko ita ce mafi daɗewa. Wata mata a Jos ta sayi leshi na naira 38,000, ta yi odar ruwan ƙasa aka kai mata ruwan hoda. Ta kawo koke 2 ga wata, kwana 18 ke nan. A gidan bayani an rubuta "ana jiran kwastoma". Da ma'aikaciyar ta bi hirar daga farko, sai ta ga matar ta turo hoton leshin a buɗe da hoton shafin odar tun ranar farko. Ranar 9 ga wata kuma ta turo hoton wayabil da lambar direban da ta ba kayan. Babu abin da ya rage a wurinta. Abin da babu shi ne takardar sito da ke cewa kaya sun iso, an duba su, ba a yanka ba, ba a wanke ba. Da aka kira direba ya ce ya sauke ƙunshin a ofishin tasha tun washegari, ba wanda ya zo ɗauka.

Wato kwana 11 da suka wuce duk a kan shagon suke, jadawali kuwa yana ɗora wa matar laifi. Irin wannan kuskure ne ya fi yawa, kuma hanyar gane shi ita ce duba wanda ya yi magana ƙarshe. Idan saƙon ƙarshe a hira na kwastoma ne, kuma ba a ba shi amsa ba, to ba shi ake jira ba, komai aka rubuta a jadawali. Ma'aikaciyar ta tura yaron shago tasha, ta gyara bayanin zuwa "ana jiran sito", ta rubuta wa matar cewa: "Hajiya, ki yi haƙuri, kayanki sun iso, jinkirin daga wurinmu ne. Yau za a duba su, gobe Talata za ki ga kuɗinki a asusun da kika biya da shi, har da kuɗin motar da kika kashe." Kuɗin motar ya shiga lissafi ne domin kuskuren launi na shago ne.

Ta biyu waya ce ta naira 145,000 da aka kai wa wani matashi a Kaduna ranar 10 ga wata. Ranar 14 ya ce ba ta ɗaukar caji. Ya yi magana cikin wa'adi, buƙatar ta yi kwana 6. An amsa masa a ranar da cewa "turo hujja", shi kuma ya turo hoton wayar a kashe a kan tabarma. Hoton waya a kashe bai nuna komai ba, domin lafiyayyar waya ma haka take idan an kashe ta. A nan hujja ta rage a wurin kwastoma, amma shagon ne bai faɗi abin da yake so ba.

Ga waya, abu biyu ake nema. Na farko lambar IMEI, mai alƙaluma 15, wadda ke bambanta kowace waya da 'yar'uwarta. Tana jikin kwali, kuma idan wayar na kunnuwa ana ganinta da danna wannan:

```
*#06#
```

Ana gwada ta da wadda shago ya rubuta a rasit, domin akwai masu sayen sabuwar waya su dawo da tsohuwa mai irin ƙirarta. Idan shagon bai rubuta lambar ba lokacin fitar da kaya, to ya rasa rabin hujjarsa tun kafin a fara. Na biyu gajeren bidiyo ne da ba a yanke ba, wanda ke nuna an jona caja a wuta, an sa a wayar, ba ta amsa ba, sannan an sa wannan cajar a wata waya ta amsa. Wannan gwajin na biyu yana raba matsalar waya da matsalar caja, kuma idan caja ce, magana ta sauko daga naira 145,000 zuwa 'yan dubbai. Ma'aikaciyar ta rubuta masa abubuwan biyu a saƙo guda, ta ce ana jiransa zuwa Alhamis, kuma idan wayar ba ta kunnuwa sam, hoton kwali ya wadatar.

Ta uku takalma ne na naira 54,000. Mai odar a Abuja ya ce tun 8 ga wata bai ga komai ba, kamfanin aike kuma ya rubuta an kai. Kwana 12 ke nan ana ja. A nan ba a neman hujja wurin kwastoma, domin babu yadda mutum zai ɗauki hoton abin da bai same shi ba. Wanda ya ce ya kai shi ne zai nuna: sunan wanda ya karɓa, sa hannu, lokaci, ko lambar sirrin da wasu kamfanoni ke tura wa mai kaya ya karanta wa ɗan aike a bakin ƙofa. Sau da yawa sai a tarar mai gadi ne ko maƙwabci ya karɓa ya ajiye. Idan kamfanin ya kasa kawo komai, shagon ne zai biya kwastoma sannan ya bi kamfanin bashinsa, tunda da shago aka yi ciniki. Ma'aikaciyar ta ba kamfanin awa 48, ta sanar da mai odar ranar da za a yanke hukunci ko hujja ta zo ko ba ta zo ba.

Ta huɗu ita ce ƙarama a kwanaki, amma ita aka fara warwarewa. Wani ya biya naira 22,500 da kati ranar Juma'a 17 ga wata, ya ce an cire masa sau biyu, ya turo hoton alat guda biyu. Alat ba ya nuna inda kuɗi suka sauka. Abin da ake dubawa shi ne shafin shagon a wurin kamfanin da ke karɓar masa kuɗi, kamar Paystack ko Flutterwave, a ga ko ciniki biyu ne suka yi nasara ko ɗaya ya faɗi. A wannan karon ɗaya ne ya shigo. Ɗayan ya maƙale tsakanin bankuna, kuma bankin mutumin ne zai mayar, a ƙarƙashin umarnin awa 72 ɗin nan. Da shagon ya yi gaggawar tura masa naira 22,500 daga aljihunsa don a rabu lafiya, da bankin ya mayar da nasa daga baya, mutumin ya karɓa sau biyu. Ma'aikaciyar ta tura masa lambar cinikin da ya faɗi da lokacinsa, ta ce ya kai wa bankinsa a ranar. Ta kuma shaida masa cewa idan mako biyu suka wuce bankin bai warware ba, yana iya kai ƙara sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki.

Ta wace hanya kuɗi za su koma?

Ko bayan an amince a biya, akwai sauran hujja guda, wato ta biyan kansa. Ƙa'idar da masu harkar ke riƙe da ita ita ce kuɗi su koma ta hanyar da suka zo. Wanda ya biya da kati, a mayar masa ta kati, ta cikin tsarin kamfanin biyan kuɗi, domin a nan ne kaɗai za a samu alaƙa a rubuce tsakanin ciniki da mayarwa. Idan aka biya shi ta tiransifa a gefe, sannan ya je banki ya ƙalubalanci cinikin katin, shagon zai sha wuya kafin ya nuna ya riga ya biya.

Wanda ya biya ta tiransifa kuma, asusun da kuɗi suka fito ake mayar wa. Idan ya ce a tura wani asusu mai suna daban, a tsaya a bincika. Yana iya zama gaskiya, domin mata da yawa da asusun miji ko na ƙane suke biya, kuma wasu a wurin mai POS suke tura kuɗi. Amma ta wannan ƙofa 'yan damfara ke shigowa, su biya da asusun da aka yi wa kutse su karɓa a nasu. Maganin shi ne mai asusun farko ya tabbatar da amincewarsa a rubuce, ko kuma a nuna rasit ɗin mai POS da ya dace da rana da adadi.

Idan shago ya ce ya tura, kwastoma ya ce bai gani ba, hoton allo ba ya raba gardama. Kowace tiransifa ta nan-take tsakanin bankunan Nijeriya tana da lamba mai alƙaluma 30 da ake kira Session ID, kuma da ita banki ke bin sawun kuɗi. Mayarwa ta kati tana da tata lambar, ARN, mai alƙaluma 23, kuma takan ɗauki ranakun aiki da dama kafin ta bayyana. Buƙatar da aka rufe ba tare da an rubuta ɗaya daga cikin waɗannan lambobi ba, tana iya dawowa bayan wata guda a sake ta daga farko.

Hujjar da bai kamata a nema ba

Neman hujja yana da iyaka. Babu shagon ƙwarai da ke buƙatar lambar sirrin kati, ko alƙaluma ukun da ke bayansa, ko lambar da banki ke turowa ta saƙo, kafin ya mayar da kuɗi. Duk wanda ya kira ya nemi ɗayansu da sunan zai taimaka a dawo da kuɗi, ɓarawo ne. Irinsu kan yi farauta a ƙarƙashin ƙorafin da mutane ke wallafawa a shafukan sada zumunta, su fito da hoton tambarin shagon kamar ma'aikatansa ne. Idan ana son bayanin asusu, layin cinikin da ake magana a kai ya isa, kwastoma na iya rufe sauran. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ma ta hana a tara bayanin da ya wuce abin da aikin ke buƙata.

Akwai kuma neman hujja da ake yi don a gajiyar da mutum: yau a ce hoto, jibi a ce bidiyo, mako mai zuwa a ce rasit. Ana gane shi a jadawali idan kwanakin jira na ƙaruwa, kwanakin shiru kuma kullum suna komawa ɗaya ko biyu. Shagon da ke aiki da gaskiya yana da jerin abin da kowane irin koke ke buƙata, yana nemansa gaba ɗaya a saƙon farko. Bidiyon buɗe kwali, wanda wasu shaguna ke shar'antawa, yana taimakawa ƙwarai idan ana jayayya kan kayan da suka fashe a hanya, amma rashinsa ba ya soke aibin da ke cikin kaya tun daga masana'anta.

Kafin la'asar ta wannan Litinin, jadawalin shagon ya canza. Leshin Jos ya iso sito an amince a biya. Maganar cirewa sau biyu ta koma banki da lambarta. Saura biyu, kowacce da sunan wanda ake jira da ranar da za a sake buɗe ta: kamfanin aike ranar Laraba 22 ga wata, mai waya kuma Alhamis 23.